Takardar da Za Ki Iya Karantawa a Gaban Kowa

'Yata Rabi, na karanta takardar neman taimakon da kika rubuta wa ƙungiyarku a kan rufin islamiyyar unguwarku. Sau uku na karanta ta, kuma na san zafin zuciya ne ya riƙe miki alƙalami. Duk wanda ya ga kwanon nan da iska ta yaye a nannaɗe a bayan katanga kamar tabarma, ya ga yara sun cunkushe a aji uku maimakon biyar, dole ransa ya sosu. To amma tunda kin ce in gyara, bari in gaya miki abin da na gani, ni da na shekara goma sha ɗaya ina riƙe da littafin kuɗin ƙungiyar matan unguwarmu.

Kin buɗe da salati da manyan baƙaƙe, sannan kika ce marayu ɗari biyu suna karatu a cikin ruwan sama. Na kira malamin makarantar na tambaye shi. Ɗalibai 140 ne a rajista, marayu a cikinsu 23. Kuma ba a ruwa suke karatu ba, an haɗe su ne da sauran azuzuwa, in hadari ya taso a sallame su. Na san abin da za ki ce: ai kusan duk ɗaya ne, kuma don alheri aka yi. Ba ɗaya ba ne, 'yata. Ki ɗauka wani bawan Allah ya tura dubu hamsin, ranar Asabar ya ce bari ya leƙa ya ga marayun. Ya iso, ya tarar da abin da yake ƙasa. Ba zai yi faɗa ba, zai yi murmushi ya sa albarka ya tafi, amma ba za ki ƙara jin ɗuriyarsa ba, kuma in ƙungiyar zawarawan da ke bayan layinku ta kai masa takarda gobe, da idon da ya kalle ki zai kalle su. Yara 140 a aji uku, damina na ƙaratowa, wannan ma ya isa ya taɓa zuciyar mai imani. Ba ya bukatar gishiri.

Haka maganar kwana ukun. Kin rubuta cewa in ba a samu kuɗin cikin kwana uku ba za a rufe makarantar. Wa ya ce za a rufe? Babu. Kin sa ne don kada mutum ya ce sai gobe. Alhali kina da wa'adi na gaskiya a hannunki: iskar farkon damina ce ta yi wannan ɓarna, ruwa zai zauna sosai daga watan Yuli, kuma bangon ajin na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti. In ruwan Agusta ya same shi a buɗe, ba rufi kaɗai za a nema ba, har da gini. Ki faɗi wannan. Wa'adin ƙarya kuwa, ranar ta huɗu za ta zo makaranta na buɗe, sai ki rasa bakin sake magana.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne layin da kika ce duk wanda ya karanta ya wuce bai ba da komai ba, Allah zai tambaye shi ranar gobe. Rabi, ba ki san wanda zai karanta ba. Wata bazawara ce da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, wani magidanci ne da matarsa ke kwance a asibiti. Kin ɗora musu laifin da Allah bai ɗora musu ba. Wanda ma yake da hali, in ya bayar saboda wannan layin, tsoro ne ya fitar da kuɗin, kuma kin rage masa daɗin da mai sadaka yake ji. Bambancin roƙo da matsi a nan yake: mai roƙo yana barin ƙofar "a'a" a buɗe, wanda ya fita ta nan ya fita da mutuncinsa. Ki share layin. Hadisin da kika liƙa a ƙarshe ma, wanda ya yi alkawarin lada iri kaza ga mai ciyar da naira kaza, ki kai wa malami ya duba miki asalinsa. In bai tabbata ba, ki cire. Kada a je neman kwano a jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba.

Kin kuma ce mutane su kawo zakkarsu. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade mutane iri takwas da ake bai wa zakka, kuma mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su yarda a sa ta a gini ba, ko da masallaci ne. Mutum zai ba ki yana zaton ya sauke farilla. Ki ce sadaka, ki tsaya a nan.

Sai hoton. Na gane yaron, na san kakarsa. Kin ɗauke shi yana kuka, rigarsa a yage, kin sa sunansa, kin ce maraya ne. Ba zan ɓoye miki ba, irin wannan hoto yana kawo kuɗi. An ma yi bincike a Amurka, aka buga a 2007: mutanen da aka ba labarin yarinya guda 'yar shekara bakwai daga Mali, mai suna Rokia, sun fi ba da kuɗi a kan waɗanda aka ba alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa. Haka zuciyar ɗan Adam take, fuska ɗaya ta fi taɓa ta. Don haka ne ma abin yake bukatar hattara, domin duk abin da yake da ƙarfi haka, sauƙin zalunci da shi gare shi. Tun 1994 ƙungiyar Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka rubuta wa kansu ƙa'ida cewa in za su tallata aikinsu, za su nuna waɗanda masifa ta shafa a matsayin mutane masu daraja. Mu kuwa tun kafin nan mun san sutura. Yaron nan zai girma, hoton ba zai mutu ba, abokansa za su gani. An tambayi kakarsa? Kuma kukan da yake yi, na rufi ne, ko faɗa suka yi da wani? Abin da ya lalace shi ne rufi, to ki ɗauki rufin. Ki tsaya a cikin ajin ki ɗauki sararin sama ta tsakanin katakon da ya karye, allo na bango, tabarmi a jiƙe. In kina son labarin mutum, ki nemi izinin malamar ajin ta faɗi yadda take koyar da yara hamsin a ɗakin talatin, da bakinta, da yardarta.

Abin da babu a takardarki gaba ɗaya shi ne lissafi. Kin ce "muna bukatar miliyan biyu". Daga ina? Takardar kafintan da kika haɗo mini ba haka ta ce ba. Kuma kin rubuta cewa kowace naira za ta tafi ga marayu, alhali mai kurar da zai ɗauko kwano sai an biya shi, kafinta ma haka. Ba abin kunya ba ne, aiki ne. A rubuta shi.

Ni na taɓa ƙonewa a kan wata gaɓa da ba kowa ke tunawa da ita ba, wato rarar kuɗi. Mun tara na aikin tiyatar wata mata, kuɗi suka zarce da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, muka sayi hatsi muka raba wa mabukata. Niyyarmu fes. Sai wata hajiya da ta bayar da kaso mai tsoka ta tare ni a gidan suna, ta ce a hankali, "Ni don maras lafiya na bayar, da kun tambaye ni." Ban samu amsa ba, domin gaskiyarta ce. Amana aka ba mu don abu kaza, muka juya ta ba da izini ba. Tun daga ranar ba na sa hannu a takardar da ba ta faɗi abin da za a yi in kuɗi sun yi rara, da abin da za a yi in sun gaza.

Ga yadda zan rubuta in ni ce:

"Assalamu alaikum. A daren 12 ga Mayu iska ta yaye rufin aji biyu daga cikin biyar na islamiyyar unguwarmu. Ɗalibai 140 ne, 23 daga cikinsu marayu da ba sa biyan kuɗin wata. Yanzu duk suna cunkushe a aji uku. Muna so a rufe kafin ƙarshen Yuni, don kada ruwa ya ci bangon. Kafinta ya yi lissafi: kwano bandir 7, naira 420,000, katako 310,000, ƙusa da langa-langa 70,000, kuɗin aiki 200,000, ɗauko kaya 50,000. Mun ƙara 100,000 saboda tashin farashi. Jimla 1,150,000. Iyayen yara sun tara 250,000, saura 900,000. In kuɗin ba su cika ba, za mu fara rufe aji ɗaya. In sun yi rara, za a gyara tagogi da ƙofofin azuzuwan nan biyu. Wannan sadaka ce, ba wurin zakka ba ne. Kowace Juma'a za mu sanar da abin da ya shigo da abin da aka kashe, da rasit. Mai son gani da idonsa, makaranta a buɗe take Asabar zuwa Laraba bayan la'asar. Wanda bai samu hali ba, muna roƙon addu'arsa. Allah ya saka da alheri."

Ki lura da kuɗin iyayen yara. Na sa su da gangan, domin mai bayarwa ya ga mutanen sun fara taimakon kansu, su kuma iyayen kada a nuna su kamar masu naɗe hannu. Kuma kin ga 900,000 ɗin nan abu ne da mutum zai iya kamawa: wani ya ce ni na ɗauki bandir ɗaya, wani ya ce ƙusa tawa ce.

Lambar asusun da kika sa taki ce ta kanki. Na san ba za ki ci ko sisi ba, amma albashinki da kuɗin kwano za su gauraya, ran da aka tambaye ki ba ki da abin nunawa. Tunda ƙungiyarku na da rajistar CAC da asusu da sunanta, ki sa shi, mai sa hannun mutum biyu, ki rubuta sunan asusun yadda zai fito wa mai turawa. Alkawarin Juma'ar nan kuwa, kada ki rubuta shi sai kin tabbata za ki cika, ko da makon da naira dubu biyar kacal ta shigo.

Kafin ki fitar, ki yi abu ɗaya. Ki kira malamin makarantar, da kakar yaron nan, da Alhajin da kuke sa ran zai ba da kaso babba, ki karanta musu a zaune wuri guda. Duk layin da muryarki ta yi ƙasa a kansa, ko kika ji kina son tsallakewa, ki ja masa layi ki dawo mu duba shi tare. Ki kuma koma wurin kafinta ya tabbatar miki da farashin kwanon, don takardarsa ta kwana goma, kasuwa kuwa ba ta jira. Dubu goma tawa tana nan, ki sa ta a kuɗin ƙusa. Ki gaishe mini da mahaifiyarki.

Gwaggonki.