Amsar Tambaya: Ƙarshen Aikatau a Faransanci

Tambaya: Malam, ni ɗalibar CEG ce daga Mallawa. BEPC ta ƙarato, ƙarshen aikatau na rikita ni.

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki. Kowace safiya ware minti 10, aikatau ɗaya, jimla shida a rubuce. Fara da parler: je parle, tu parles, ils parlent. A kunne duk ɗaya suke, shi ya sa faɗa da baki kawai ba ya wadatarwa. A dikte ake kamuwa.

Kashegari ki canza kayan jimlar: nous vendons du mil à Dungass. Aller kuwa mayaudari ne, ƙarshensa -er amma je vais, nous allons. Shi da être, avoir, faire, haddace su daban. Kada ki taɓa imparfait sai présent ya zauna.