Darasin Lissafi: Ruwa, Obadiraf da Jingina a Takardar Rance

Ɗalibai, darasinmu na yau lissafi ne da aka gina a kan ɗan kasuwa mai sayen gero a ƙauyukan Kebbe da kaka, ya ajiye, ya sayar a Tambuwal da bazara. Mu ɗauka banki ya ba shi rancen naira 300,000 na wata 6.

Kalma ta farko ita ce kuɗin ruwa, wato ƙarin da ake biya a kan uwar kuɗi. Takardar ta ce kashi 4 cikin 100. Tambaya ita ce, a wata ko a shekara? In a wata ne, ya kama kashi 48 a shekara. Sannan hanyar lissafinsa biyu ce. A ta farko ana ɗora ruwan a kan 300,000 ɗin gaba ɗaya har ƙarshe: 12,000 sau 6, wato 72,000. A ta biyu ana ɗora shi a kan abin da ya rage kawai. Idan yana rage 50,000 duk wata, ruwan zai sauko daga 12,000 zuwa 10,000, zuwa 8,000, har ya kai 2,000, jimla 42,000. Kashi 4 ne a duka biyun, amma bambancinsu naira 30,000. Ku lura kuma, biya yana farawa tun watan farko, geron kuwa yana ajiye ba a sayar ba. A ganina nan ne mafi yawan haɗarin yake.

Obadiraf izini ne na cire fiye da abin da ke cikin asusu, zuwa wata iyaka. Mai 20,000 da ya cire 70,000 ya ci bashin 50,000, ruwa yana hawa kansa kullum, kuma duk kuɗin da ya shigo asusun, bashin zai fara cikewa. Ya dace da giɓin 'yan kwanaki, bai dace da ajiyar hatsi ba.

Jingina kuwa kadara ce da banki zai iya sayarwa in an kasa biya. Dokar Najeriya ta 2017 ta sauƙaƙa jinginar da babur, injin niƙa, dabbobi ko hatsi, ba sai fili ba. Wanda ya tsaya wa mai rance ya sani cewa bashin na iya dawowa wuyansa.

Da yawa daga mutanenmu suna guje wa ruwa saboda haramcin riba. Bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suna yin murabaha: su sayi kayan, su sayar wa mutum da ribar da aka yanke tun farko. Can ma ana neman jingina.

Aikin gida: ku lissafa ruwan 200,000 a kashi 5 cikin 100 duk wata, na wata 4, ta hanyoyin nan biyu, ku kawo gobe.