Auna Lilon Farashi Kafin Sa Iyakar Asara

Mai sayen hannun jari yakan ba dillalinsa umarni cewa idan farashi ya faɗo zuwa wani mataki, a sayar nan take don a taƙaita asara. Wuyar ita ce sanin inda za a sa wannan iyaka. Idan ta yi kusa, ɗan lilon da farashi ya saba yi kullum zai taɓa ta, a sayar ba dalili. Idan kuwa ta yi nisa, asarar za ta yi yawa.

A shekarar 1978 wani injiniya Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fito da ma'aunin da ake kira ATR, wato matsakaicin haƙiƙanin tazarar farashi. Ana duba tazara uku kowace rana, a ɗauki mafi girma: tsakanin farashin ƙoli da na ƙasa, tsakanin na ƙoli da farashin rufewar jiya, da kuma tsakanin na ƙasa da rufewar jiya. Misali, an rufe jiya a dala 50, yau farashi ya yi yawo tsakanin 52 da 54. Tazarar ita ce 4, domin tsallen da aka yi cikin dare ma motsi ne. Matsakaicin irin wannan tazara na kwana 14 shi ne ATR.

Yanzu a ƙaddara ɗan kasuwa ya sayi hannun jari a dala 50, ATR kuwa 1.5 ne. Da yawa sukan ninka shi biyu, wato dala 3, don haka iyakarsa tana 47. Idan asarar da zai iya jurewa dala 300 ce, sai ya raba 300 da 3, ya sayi guda 100.

To, idan kasuwa ta rikice fa, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2020 lokacin annobar korona? A ce ATR ya kai 3. Tazarar ta zama dala 6, iyaka ta koma 44, saboda haka guda 50 kaɗai zai saya. Wanda ya faɗaɗa iyaka bai rage yawan sayayya ba, ya ninka asarar da ka iya samunsa zuwa dala 600.

Sai dai ma'aunin yana da rauni. Ba ya nuna ko farashi zai hau ko zai sauka. Kuma yana jinkirin farga, domin ana sabunta shi ne da ninka na jiya sau 13, a tara da tazarar yau, a raba da 14. Idan na jiya 1.5 ne, tazarar yau ta kai 8.5, sabon ATR 2 ne kawai. Alamar jinkirin ita ce tazarar kwanaki a jere ta riƙa zarce ATR nesa ba kusa ba. Haka nan idan aka rufe a 48 aka buɗe a 43, dillali zai sayar ne a wajen 43, ko da iyakar tana 47.