Manaja, ka rubuta abin da ka gani a takardar shaidar ma'aikacinka

Aikina ɗaukar ma'aikata ne a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma yawancin takardun shaida da masu neman aiki ke kawo mini kalmominsu ɗaya ne: "Mutumin kirki ne, mai ƙwazo, mai riƙon amana, muna masa fatan alheri." Manajan da ya rubuta yana ganin ya kyautata wa yaronsa. Ni kuwa da zan yanke shawarar ɗauka ko bari ban ƙaru da komai ba, domin direba da akawu da maigadi duk haka ake rubuta musu. Takardar da ke amfanar ma'aikaci ita ce wadda ta faɗi aikin da ya yi, da yadda ya yi shi.

Ga yadda muka rubuta wa wani mai kula da sito da ya bar mu zai koma Kaduna kusa da iyayensa. Sakin layi na farko ya faɗi alaƙar mai sa hannu da shi: "Ya yi aiki a ƙarƙashina kai tsaye daga Maris 2019 zuwa Agusta 2023 a matsayin mai kula da sito." Watan farawa da na barin aiki sai an duba su a fayil, kada a rubuta da ka. Su ne abu na farko da sabon wurin aiki zai gwada da takardar neman aikinsa, kuma idan suka saɓa, ma'aikacin za a zarga da ƙarya.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar takardar. Maimakon "mai riƙon amana", aka rubuta: "Shi ke riƙe da makullin sito, yana karɓar kaya daga manyan motoci, yana fitar da su bisa takardar oda, kuma lebura shida ne a ƙarƙashinsa. A ƙidayar kaya ta kowane ƙarshen wata, abin da ke littafinsa yana daidai da abin da ke ƙasa. Shi ya kawo tsarin fitar da kayan da suka riga shigowa, wanda ya rage mana asarar madara da taliya da wa'adinsu ke ƙarewa a sito." Duk wanda ya karanta wannan ya ga amanar da kansa, ya kuma san girman nauyin da za a iya ɗora wa mutumin.

Sai wurin da manajoji ke gudu, wato faɗin rauni. An rubuta: "Ya fi ƙwarewa a lissafin littafi. Bai daɗe da fara aiki da Excel ba, zai buƙaci horo idan sitonku da kwamfuta yake tafiya." Wannan jimla ba ta rage masa daraja. Tana sa a gaskata sauran yabon, tana kuma hana a jefa shi aikin da zai kunyata a watan farko. Sharaɗin dai raunin ya shafi aiki, kuma ya zama an taɓa gaya masa ido da ido. Daga nan aka faɗi dalilin tafiyarsa, aka rufe da cewa za mu sake ɗaukarsa idan ya dawo.

Akwai abubuwan da ba sa shiga takarda: rashin lafiyarsa, addininsa, rigimar gidansa, da zargin da ba a tabbatar ba. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na addini cikin masu buƙatar kariya ta musamman, zargin sata babu hujja kuwa yana iya kai ka kotu kan ɓata suna. Idan kuma ma'aikacin bai gamsar da kai ba, kada kunya ta sa ka yabe shi. Ka ba shi takarda mai ɗauke da muƙaminsa da lokacin da ya yi aiki kawai, ka gaya masa iyakar abin da za ka iya shaida ke nan. Ka kuma bambanta wannan da takardar garanto, domin a can kana ɗaukar alhakin abin da zai aikata nan gaba ne.

Shafi ɗaya ya isa, a takarda mai tambarin kamfani, da kwanan wata, da sa hannu, da lambar da za a same ka idan an kira tabbatarwa. 'Yan'uwana manajoji, wannan shaida ce da za a tambaye mu a kanta gobe kiyama. Kafin ka sa hannu, ka karanta kowace jimla, duk wadda ba za ka iya kawo misalinta ba idan an kira ka a waya, ka cire ta.