CIWON SUKARI: DUBA ƘAFARKA KULLUM

Ya kai mai gida, in likita ya gaya maka kana da ciwon sukari, ko wani a gidanka yana da shi, to, wannan darasi naku ne. Ka karanta, ka kuma karanta wa iyalinka.

Abin da sukari ke yi wa ƙafa

In sukari ya daɗe da yawa cikin jini yakan yi wa ƙafa ɓarna iri biyu. Da fari yakan kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi. Na biyu yakan tsuke hanyoyin jini, har rauni ya ƙi warkewa da wuri. Mai lafiya in ya taka ƙaya, zafi ya kan tsai da shi nan take. Mai sukari kuwa yana iya wuni da ita bai sani ba. Saboda haka tilas idonka ya yi aikin da zafi ya bari.

Misali

A ce wani manomi ne a ƙasar Faskari. Ran Asabar yana yankan dawa, tushiyar kara ta soke shi a tafin ƙafa. Bai ji kome ba, ya ci gaba da aiki. Ran Talata matarsa ta ga ruwa-ruwa cikin takalminsa. Aka duba, sai ga ɗan rami kamar ƙwayar wake. Ya ce, "Ai ba zafi," aka barbaɗa toka. Kafin Jumma'a ƙafa ta kumbura, tana wari, ga zazzaɓi. Da an kai shi tun ran Talata, mai yiwuwa wanki da ɗauri da magani da hutawa su ishe shi. Yanzu kuwa sai kwanciya asibiti, watakila har a yanke yatsa ko ƙafa, ga amfanin gona yashe. Ka gani, rashin zafin nan shi ne ya cuce shi.

Yadda za ka duba

Kullum da rana, bayan alwalar azahar, zauna inda haske ya ke. Duba bisan ƙafa, da tafi, da diddige, ka buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ba ka iya ganin tafin, sa madubi, ko ka sa ɗanka ya duba maka. Abu uku ka ke nema.

1. Rauni: yanka, ko bororo, ko faso mai jini, ko kanta mai baƙi a ƙarƙashinta.

2. Sakewar launi: jera ƙafafun biyu ka gwada. Wurin da ya yi ja, ko ya fi sauran duhu, ya kuma yi zafi in an taɓa, alamar ƙwayar cuta ce. Yatsan da ya yi fari-fari ko baƙi, ya yi sanyi, alamar jini ba ya isa ne. Mata su lura, lalle yakan ɓoye wannan, sai a duba sosai kafin a ƙunsa, kada kuma a ƙunsa bisa rauni.

3. Mutuwar ƙafa: watau ka riƙa jin kamar kana taka auduga, ko ana tsira maka allura, ko takalmi ya fita ba ka sani ba. Ga gwaji. Kwanta ka rufe ido. Wani ya taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙarami, a ko wace ƙafa, a hankali, kada ya danna. Yatsu 6 ke nan. In ba ka ji 2 ko fiye ba, ka gaya wa malamin asibiti.

In ka ga rauni

Wanke shi da ruwan da aka tafasa ya huce, ka rufe da tsumma mai tsabta, ka daina taka ƙafar. Kada ka sa toka, ko kashin shanu, kada wanzami ya tsaga. Tafi asibitin da ya fi kusa cikin awa 24, ko da ba ka jin zafi. In akwai baƙi, ko wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, kada a kwana: a nemi mota zuwa babban asibiti, kamar na Ƙanƙara ko na Funtuwa. Mutanen ƙauyukan Sabuwa da sauran na nesa, ku tuna nisan hanya dalili ne na tashi da wuri.

Rigakafi

Kada ka yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Zazzage takalmi ka lalube cikinsa kafin ka sa. Bayan alwala tsane tsakanin yatsu. Da hunturu shafa man kaɗanya a diddige, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ka miƙa ƙafa kusa da wuta don jin ɗumi, kana iya ƙonewa ba ka ji ba. Kada ka fere kanta da reza. Ka riƙa shan maganinka yadda likita ya ce, ka kuma tuɓe takalmi ya duba maka ƙafa, aƙalla sau ɗaya a shekara.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.