Yadda ake jera labari bisa tsarin dala a kife, da inda ake saɓa masa

Ɗan jarida yana gina labarin ranar ne kamar dalar gyaɗa da aka kifa: faɗin a sama, tsinin a ƙasa. Abin da ya fi nauyi shi ke zuwa farko, sauran su biyo baya gwargwadon muhimmancinsu, ko da ba haka suka faru a jere ba. Dalili biyu ne. Mai karatu yana iya tsayawa a sakin layi na biyu, edita kuma idan fili ya ƙure daga ƙasa yake yankowa.

Mu gwada da labarin da duk mazaunin Samaru ya sani. Ranar Juma'a, 14 ga Oktoba 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta dakatar da yajin aikin da ta fara tun 14 ga Fabrairu.

Mataki na farko, kafin ka rubuta komai, ka amsa tambayoyi shida a gefen takarda: wa, me, yaushe, ina, don me, ta yaya. Sannan ka tambayi kanka wacce daga cikin amsoshin ce sabuwa yau. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ya yi wata takwas a gida ya san an tafi yajin aiki, ya san dalili. Abin da bai sani ba shi ne an janye. To da shi za ka buɗe:

"Ƙungiyar ASUU ta dakatar da yajin aikin da ta shafe wata takwas tana yi, ta kuma umarci malamai su koma bakin aiki daga yau Juma'a."

Jimla ɗaya ce, kuma ko nan mutum ya tsaya ya sami labari. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne buɗewa da taro: wai shugabannin ƙungiya sun zauna a Abuja sun tattauna. Zaman taro ba shi ne labari ba, hukuncin da ya fito daga cikinsa shi ne. Duk lokacin da ka ga aikatau na jimlarka ta farko "ya halarta" ne ko "sun gana", ka leƙa ƙasa, labarinka yana can a binne.

Sakin layi na biyu na majiya ne da dalili: sanarwa ce daga shugaban ƙungiyar na lokacin, Farfesa Emmanuel Osodeke, kuma ta zo bayan kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai sun koma aiki kafin a saurari ƙararsu. Na uku ya ɗauki abin da ya rage a ƙasa, wato ƙungiyar ta ce ba a biya mata buƙatunta yadda ta gamsu ba. Sai can ƙarshe tarihi ya shigo, yarjejeniyar 2009 da taƙaddama kan tsarin biyan albashi na IPPIS.

Idan ka gama, ka gwada aikin. Rufe sakin layi na ƙarshe da hannu ka karanta, sannan ka rufe na samansa. In labarin yana tsaye har ka iso na biyu, jerin ya yi. In ka rufe wani wuri ma'ana ta rushe, abin da ke wurin ya cancanci hawa sama.

Amma wannan tsari na labarin da ke da ɗumi ne. A ce bayan mako biyu edita ya tura ka ka rubuta yadda yajin ya taɓa Samaru. Babu sauran sabon abu da za ka ɗora a sama, kowa ya ji. A nan ka saɓa. Buɗe da mutum ɗaya da ka je ka gani da idonka: mai sayar da abinci kusa da ƙofar jami'a da ta rage yawan shinkafar da take ɗorawa, ko mai shagon buga takardu da injinsa ya yi ƙura. Daga mai abincin ka bi sawun kuɗin, zuwa ɗan Keke da ke jigila tsakanin Samaru da Kwangila, zuwa ɗan kasuwar Sabon Gari da take sarin kaya a wurinsa bashi. Ƙarfin irin wannan rubutu yana cikin jerin, don haka ba a yanke shi daga ƙasa, kuma wajibi ne ka gaya wa edita haka tun kafin ya sa hannu.

Sharaɗi guda nake riƙewa da ƙarfi a nan: kafin ka wuce sakin layi na uku ko na huɗu, ka faɗa wa mai karatu a fili abin da rubutun yake magana a kai da dalilin kawo shi yanzu. In ba haka ba zai ɗauka hira kake yi, ya ajiye.

Inda rai ko dukiya ke cikin haɗari kuwa, gobara a kasuwa, ɓarkewar cuta, dokar hana fita, ba a saɓawa ko kaɗan. Mai shago yana son sanin wane layi wutar ta ci da ko an kashe ta, a jimlar farko. Adadin da ba ka tabbatar ba kada ya hau sama don kawai ya fi girgiza mutane. Ka sa abin da ka tabbatar, tare da sunan hukumar da ta faɗe shi.