Idan An Yi Wa Otel Ɗinka Ƙage a Google Maps

A ce kana da otel a Gusau, sai wani ya ba ka tauraro ɗaya a Google Maps, ya rubuta cewa an sace masa waya a ɗaki mai lamba 14, alhali ɗakunanka 12 ne kacal. Kada ka amsa da zafin rai. Fara ɗaukar hoton abin da ya rubuta, domin yana iya gyara shi gobe, sannan ka duba rajistar baƙi da rasit.

Ka bambanta ra'ayi da ƙage. Wanda ya ce abincinka ba daɗi ra'ayinsa ya faɗa, ba wanda zai goge maka shi. Google ma ba alƙali ba ne, ba ya shiga gardamar wa ya fi gaskiya tsakaninka da baƙo. Abin da yake cirewa shi ne wanda ya saɓa wa dokokinsa: sharhin wanda bai taɓa zuwa wurin ba, na abokin hamayya, ko zagi. Saboda haka idan ka latsa ɗigo uku da ke gefen sharhin ka zaɓi "Report review", ka ɗauki dalilin da ya dace da hujjarka. Amsa takan ɗauki kwanaki, kuma idan an ƙi, mai kasuwancin da aka tantance yana da damar ɗaukaka ƙara sau ɗaya.

Kafin nan ka ba da amsa a fili, gajera: "Ɗakunanmu 12 ne, ba mu da lamba 14. Tuntuɓe mu mu bincika." Matafiyin da ya taso daga Tsafe ko Bunguɗu yana neman masauki, amsar nan zai karanta.

Kada kuma ka tara 'yan'uwa su zuba maka taurari biyar. Wannan ma saɓa doka ne, ana iya share su duka.